Ina Kwana, Ina Wuni: Wace Amsa Ce Ta Dace da Wace Gaisuwa?

Yau a shirin namu zan yi magana ne kan gaisuwar safe, rana da yamma, musamman ɓangaren amsawa, domin a nan ne na lura da yawanmu matasa muke tuntuɓe.

Abu na farko da za ku riƙe shi ne, gaisuwarmu kashi biyu ce. Akwai wadda tambaya ce, akwai wadda fatan alheri ce. Duk wadda ta fara da "ina" ko "yaya" tambaya ce, don haka amsa take nema. Wadda ta fara da "barka" ko "sannu" kuwa ba tambayarka aka yi ba, mayarwa ake yi. Shi ya sa idan aka ce maka "barka da rana" ka ce "lafiya lau", kunnen Bahaushe zai ji wani banbarakwai. Abin da ya dace shi ne "yauwa, barka kadai", ko "barkanmu dai".

To, mu bi lokutan. Daga asuba har rana ta take, "ina kwana" ce ke aiki, amsarta "lafiya lau" ko "lafiya ƙalau". Idan ka je Sakkwato, Katsina ko Maraɗi za ka ji "lahiya lau", duk abu ɗaya ne. Ana kuma cewa "barka da asuba" da sassafe, "barka da hantsi" idan rana ta ɗan ɗaga. Da zarar an yi azahar, sai a koma "ina wuni", wasu su ce "ina yini". Ita wannan tana tafiya har dare, ko bayan isha'i ka ce wa mutum "ina wuni" ba ka yi kuskure ba. Kusa da ita akwai "barka da yamma" bayan la'asar, da "barka da dare". Amma fa a kula, "sai da safe" sallama ce, ba a buɗe magana da ita. Amsarta "Allah ya kai mu", ko a ce "Allah ya tashe mu lafiya" ka ce "amin".

Yanzu bari mu ɗauki misali. Ƙarfe bakwai na safe ka fito, ga dattijo maƙwabcinku zaune a ƙofar gida. Kai ne ƙarami, kai za ka fara, ka ɗan rusuna ka ce: "Baba, ina kwana?" Ya ce: "Lafiya lau, an tashi lafiya?" Ka ce: "Lafiya ƙalau, Baba." Ya ce: "Ina gajiya?" Ka ce: "Ba gajiya." Ya ce: "Ya mutanen gidan?" Ka ce: "Suna lafiya." Ya ce: "Ya sanyi?" Ka ce: "Lokacinsa ne." Ya rufe da "madalla".

Kun ga kowace tambaya da tata amsar. "Lafiya lau" ba ta shiga ko'ina. "Ina gajiya" a ce "ba gajiya" ko "gajiya ta bi lafiya". "Ina aiki" a ce "da godiya". "Ina labari" a ce "sai alheri". Da damina idan aka ce "ya ruwa", a ce "ruwa ya yi gyara". Ku kuma lura, a wurin babba ba a cewa "ka tashi lafiya?", sai dai "kun tashi lafiya?" ko "an tashi lafiya?". Kuma "ya kake" da "ya ne" na abokai ne, kar ka kai su gaban surukinka.

Wani zai ce, to idan da gaske ba ni da lafiya fa, ƙarya zan yi? A'a. Amsar farko ta alheri ce kawai, bayani yana biyo baya. Ka ce "lafiya lau", a gama gaisawa, sannan ka ce "sai dai jiya na kwana da zazzaɓi". Nan take gaisuwar za ta sauya, a ce "ayya, sannu, ya jikin?" Amsar ita ce "da sauƙi", ko da kuwa jikin bai gama saki ba. Wanda ya tare "ina kwana" da "wallahi ban yi barci ba" ya tsallake mataki, mai gaisuwar ma sai ya rasa ta inda zai kama.

Haka abin yake a WhatsApp. Tsakaninka da aboki "ykk" da "lfy" ba laifi. Amma idan Mama, Kawu ko malaminka za ka tura wa saƙo, rubuta sallama cikakkiya, ka duba agogo, ka sa "ina kwana" ko "ina wuni" yadda lokacin ya nuna, kafin ka faɗi abin da ya kawo ka.

Nan za mu dakata a yau. Ku da ke garuruwa daban-daban, ku faɗa mana yadda ake amsa "ina gajiya" a wajenku. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.