Lissafin Matakan Juyawar Farashi daga Alƙaluman Jiya

Masu cinikin kuɗaɗen ƙasashe da ma'aunan hannayen jari kan fitar da matakin tsakiya (P) daga farashin jiya: mafi tsada (H), mafi araha (L) da na rufewa (C), wato P = (H + L + C) / 3.

Misali, idan EUR/USD ya hau 1.0900, ya sauka 1.0800, sannan ya rufe a 1.0880, P zai kasance 1.0860. Wanda ya saya a saman P yakan yi hanƙoron kai wa R1 = 2P − L, wato 1.0920. Wanda kuwa ya sayar a ƙasansa yakan nufi S1 = 2P − H, wato 1.0820.

Sai dai kasuwar kuɗaɗe ba ta rufewa da dare. Wanda ya ɗauki ƙarfe biyar na yamma agogon New York a matsayin rufewa, matakansa za su iya saɓa wa na wanda ya ɗauki tsakar dare agogon GMT.