Makullai 32,767: Yadda Goge Layi Biyu Ya Tona Asirin Kwamfutoci

A ranar 13 ga Mayu, 2008, masu kula da Debian, ɗaya daga cikin fitattun nau'o'in manhajar Linux, suka fitar da sanarwar da ta tayar da hankalin masu gudanar da kwamfutoci a duniya. Wani mai bincike ɗan Ajantina, Luciano Bello, ya gano cewa duk makullin sirrin da aka ƙera da manhajar OpenSSL ta Debian tun daga Satumban 2006 ana iya cankarsa. Babu wanda ya karya lissafin da ke kulle saƙonni. Lissafin yana nan da ƙarfinsa. Abin da ya lalace shi ne wurin da ake ɗebo lambobin da ake ƙera makullin da su.

Makullin sirri, wanda ke kare hirarka da banki ko shigar ma'aikaci kwamfutar ofis daga nesa, wata doguwar lamba ce kawai. Ƙarfinta duka ya dogara da abu guda: kada wani ya iya hasashenta. Masana suna auna wannan da jefa kwabo. Jifa ɗaya na da fuska biyu, shi ne bit ɗaya. Jifa 128 a jere na iya faɗuwa ta hanyoyin da yawansu lamba ce mai alƙalumma 39, kuma ko an haɗa kwamfutocin duniya ba za su gama gwada su ba.

Matsalar ita ce kwamfuta ba ta iya jefa kwabo. Na'ura ce mai bin umarni: ka ba ta abu iri ɗaya, ta mayar maka da amsa iri ɗaya. Saboda haka sai ta tattaro 'yan abubuwan da ba a iya hangowa, kamar ainihin lokacin da aka danna maɓalli ko aka motsa linzami, da lokacin isowar saƙo ta waya, da hayaniyar lantarki a cikin na'urar, ta cuɗa su wuri guda. Wannan cuɗin shi ne iri. Daga shi wani tsarin lissafi yake tsiro da lambobi iya yawan da ake so. Wanda ya san irin, ya san duk abin da zai tsiro.

A 2006, wani mai kula da OpenSSL a Debian yana neman gyara ne. Wata manhajar binciken kurakurai mai suna Valgrind ta riƙa ƙorafi cewa OpenSSL na karanta wani sashe na ƙwaƙwalwar kwamfuta da ba a rubuta komai a ciki ba tukuna. Ƙorafin ya shafi wurare biyu a fayil ɗin `md_rand.c`, kowanne ɗauke da wannan layi:

```
MD_Update(&m,buf,j);
```

Sai ya kashe duka biyun. Cire na ɗaya bai cutar da komai ba. Amma ɗayan shi ne mazurarin da ake zuba duk abin da aka tattaro cikin cuɗin. Da aka toshe shi, abu ɗaya tak ya rage yana sauyawa: lambar da Linux ke bai wa kowane aiki idan ya tashi, wadda a lokacin ba ta kai 32,768 ba. Ke nan, ga kowane nau'i da tsawon makulli a kan kowane samfurin na'ura, makullai 32,767 ne kacal za su iya fitowa. Jifa 128 ta koma jifa 15.

A ɗauka maƙerin kwaɗo ne ya cika kasuwa da kwaɗuna masu kauri da nauyi, alhali samfurin 'ya'yan makullinsa ba su wuce cikin buhu ɗaya ba. Ɓarawo ba ya bukatar guduma, buhun kawai zai saya. Haka aka yi: cikin 'yan kwanaki da sanarwar, mai bincike H. D. Moore ya ƙera jerin waɗannan makullai ya wallafa su, don a ga girman ɓarnar. Abin ya shafi Ubuntu ma, tunda daga Debian take ɗibar manhajojinta. Kuma sabunta manhaja bai wadatar ba. Makullin da aka riga aka ƙera rubaɓɓe ne har abada, ko da an kai shi kan lafiyayyar kwamfuta. Dole aka bi su ɗaya bayan ɗaya, da kayan aiki irin su `ssh-vulnkey` mai gwada makulli da jerin gurɓatattu, aka zubar aka sake sababbi.

Abin da ya fi damuna a wannan labari shi ne tsawon lokacin da ya ɗauka: wata ashirin ba wanda ya lura. Ba sakaci ne kaɗai ya jawo haka ba. Rubaɓɓen makulli da lafiyayye kamarsu ɗaya a ido, tsawonsu ɗaya, alƙalummansu a hargitse. Ko gwajin ƙididdiga da ke duba ko sifili da ɗaya sun rabu daidai zai wuce su lafiya lau, domin tsarin cuɗawar na aikinsa. Ba a gane cutar ta duban makulli guda. Ana gane ta ne idan an ƙera da yawa aka ga ana maimaici, ko an bi sawun irin har tushensa.

Wannan dabarar ta neman maimaici ce wasu masu bincike, ciki har da Nadia Heninger da Alex Halderman, suka bi a 2012. Sun tattaro makullan RSA na fili daga miliyoyin na'urori a intanet. Irin wannan makulli ana samunsa ne ta ninka manyan lambobi biyu waɗanda ba sa rabuwa sai da kansu ko da ɗaya, kuma sirrin shi ne ba a iya warware su. Amma idan na'urori biyu suka yi tarayya a lamba ɗaya, asiri ya tonu. Ɗauki 187 da 253. Cire 187 daga 253, saura 66. Raba 187 da 66, saura 55. Cire 55 daga 66, saura 11. To 11 ce suka haɗa: 187 shi ne 11 sau 17, 253 kuma 11 sau 23. Wannan hanya ta Yuklid ta haura shekara dubu biyu, kuma tana aiki cikin ƙiftawar ido ko da lambobin na da ɗaruruwan alƙalumma. Da ita suka fasa makullan kusan kashi 0.5 cikin ɗari na na'urorin da ke amfani da TLS da suka bincika. Akasarinsu ƙananan na'urori ne masu rarraba intanet da makamantansu, waɗanda ke ƙera makulli da zarar an kunna su karon farko, babu maɓalli babu linzami, cuɗin bai tara komai ba.

Daga nan ana iya ganin siffar ingantattun lambobin bazata. Irin ya fito daga abin da ke faruwa a zahiri, wanda maƙiyi ba ya gani, kuma ya kai aƙalla bit 128. Agogo ko lambar aiki ba sa cikin wannan. Netscape ta dogara da su, ɗalibai biyu na Berkeley, Ian Goldberg da David Wagner, suka fasa ta a 1995. Tsarin da ke tsiro da lambobin kuma ya zama wanda ganin na baya ba ya nuna na gaba. Shahararren tsarin Mersenne Twister, wanda `random` na Python ke amfani da shi, ya dace da wasanni da gwaje-gwajen kimiyya, amma wanda ya ga lambobinsa 624 a jere zai iya faɗin duk masu zuwa. Don makulli ko kalmar sirri, `secrets` ake kira, shi kuwa daga tsarin kwamfutar kansa yake karɓowa.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda binciken 2012 ya fito da shi fili: idan iri bai taru ba, a jira. Shi ya sa a 2014 aka ƙara wa Linux kiran `getrandom()`. Idan manhaja ta nemi lambobi alhali cuɗin bai cika ba, sai ya tsayar da ita har ya cika, maimakon ya miƙa mata abin da wata na'urar irinta za ta iya samu daidai wa daida.