Wasiƙar da mai bincike ke mayar wa masu tantance maƙalarsa

Wata mai bincike ta aika wa wata mujalla maƙala kan lefe da ƙunshi da kai amarya. Sai masu tantancewa, waɗanda ba ta san sunayensu ba, suka ce bayanin ya ƙayatar amma ra'in da aka ɗora shi a kai ba shi da ƙarfi. Abin da suke nufi shi ne ta zana abin da ake yi, ba ta faɗi abin da ya koyar game da al'ada ba.

Edita ake rubuta wa amsar. Takan kawo kowane ƙorafi da lambarsa, ta biyo shi da gyaran da ta yi da shafin da yake.

Gyaran nata ya jingina da Arnold van Gennep, wanda a 1909 ya kasa bukukuwan sauya matsayi gida uku: rabuwa, zaman tsakani, da shiga sabon matsayi. Kwanakin ƙunshi ta sa a tsakani, domin amarya ta bar 'yanmatanci amma ba ta tare ba. Lefe kuwa ya ƙi shiga kason, kuma ta faɗi haka ƙarara a wasiƙar. Nan gardamar maƙalar ta samu ƙafa. Jera sunayen masana goma ba tare da an gwada ra'insu da abin da aka gani ba, masu tantancewa kan gane shi tun daga shafin farko.