Hannu 2,598,960: lissafin da ke ɓoye cikin karta biyar

Duk wanda ya kalli fim ɗin Casino Royale na 2006 zai tuna zagayen ƙarshe na wasan foka, inda mutum huɗu suka baje kartarsu, kowane hannu ya fi na baya ƙarfi, har James Bond ya kwashe kuɗin teburin. A ɗakinmu na makaranta muka sake kallonsa, sai musu ya ɓarke. Wani cikinmu, wanda ya taɓa zubar da kuɗin abincinsa na wata guda a irin wannan wasa ta waya, ya dage cewa babban hannu yana zuwa "in dai ka jure". Abokin ɗakina mai karantar ƙididdiga ya jawo takarda da biro ya ce, "Malam, bar batun juriya. Zo mu ƙirga."

Abin da ya nuna mana a daren ne na kawo muku. Caca dai kowa ya san hukuncinta da ƙarshen mai yinta. Lissafin ne abin dubawa, domin shi ne darasin haɗe-haɗe da yawancinmu muka haddace a sakandare ba tare da mun gane amfaninsa ba.

Kartar foka ta bambanta da wot da muka saba. Guda 52 ce, an kasa ta gida huɗu (♠ ♥ ♦ ♣), kowane gida da daraja 13: daga 2 zuwa 10, sai J, Q, K da A. Ana raba wa mutum biyar. To hannu iri nawa ne zai iya faɗo masa?

Kartar farko tana iya zama kowace cikin 52, ta biyu cikin 51 da suka rage, haka har ta biyar cikin 48. In ka ninka su:

52 × 51 × 50 × 49 × 48 = 311,875,200

Sai dai wannan adadi ya yi yawa. Wanda aka ba K sannan 7, da wanda aka ba 7 sannan K, abu ɗaya suke riƙe da shi. Karta biyar kuwa ana iya jera su ta hanya 5 × 4 × 3 × 2 × 1, wato 120. Kowane hannu an ƙirga shi sau 120 ke nan. Da ka raba, sai ka sami 2,598,960, abin da littafin lissafi ke rubutawa C(52,5). In an cakuɗa kartar da kyau, duk hannayen nan damarsu ɗaya ce. Saboda haka damar kowane rukuni ita ce yawan hannayensa a raba da wannan jimla.

Mu ɗauki hannun da ake kira ful hawus, wato uku masu daraja ɗaya da biyu masu wata darajar, kamar K uku da 7 biyu. Za ka fara zaɓar darajar 'yan ukun: hanya 13. Kowace daraja karta huɗu gare ta, ɗaukar uku cikin huɗu kuwa daidai yake da zaɓar wadda za a bari, hanya 4. Darajar tagwayen za ta fito daga 12 da suka rage, kuma ɗaukar biyu cikin huɗu hanya 6 ce.

13 × 4 × 12 × 6 = 3,744

In ka raba jimlar da 3,744 za ka ga kusan sau ɗaya ne cikin rabo 694.

Daga nan abokina ya ce in gwada ƙirga tagwaye biyu da kaina, kamar K biyu, 7 biyu, da wata karta ɗaya daban. Na bi sawun na baya: 13 × 6 × 12 × 6, sannan na ninka da 44, kartocin da ba K ba kuma ba 7 ba. Na sami 247,104, ina ta jin kaina. Ya yi dariya ya ce na faɗa ramin da kowa ke faɗawa. A ful hawus, K uku da 7 biyu daban yake da 7 uku da K biyu, don haka 13 × 12 daidai ne. A tagwaye biyu kuwa, ko K ka fara zaɓa ko 7, hannun bai canza ba. Sau biyu na ƙirga kowanne. Darajojin biyu hanya 78 ake zaɓarsu, amsar gaskiya kuma 123,552 ce, kusan kashi 4.75 cikin ɗari. Tambayar da za ka riƙa yi wa kanka ke nan a kowane mataki: in na musanya waɗannan biyun, hannun ya canza ko bai canza ba?

Rami na biyu shi ne hannun da ya shiga rukuni biyu lokaci guda. Biyar 'yan gida ɗaya, wato fulosh, ana samunsu ta zaɓar biyar cikin 13, hanya 1,287, sau gida huɗu, 5,148. Biyar masu bin juna a jere kuwa jeri 10 ne, daga A-2-3-4-5 zuwa 10-J-Q-K-A, kuma kowace karta tana iya fitowa daga kowane gida, hanya 1,024, jimla 10,240. Amma akwai hannu 40 da suke a jere kuma 'yan gida ɗaya. Su rukuninsu daban ne, a can sama, dole a cire su daga ɓangarorin biyu. Sai fulosh ya koma 5,108, jeri ya koma 10,200. Ka ga dalilin da ya sa fulosh ya fi jeri daraja a dokar wasan: ya fi shi wuyar samu kusan ninki biyu. Cikin 40 ɗin nan, huɗu ne kacal ke tashi daga 10 zuwa A, sarkin hannaye, sau ɗaya cikin 649,740.

Yaya za ka gane ka yi kuskure? Ka haɗa dukan rukunonin. Sauran su ne 'yan huɗu 624, 'yan uku 54,912, tagwaye ɗaya 1,098,240, sai hannun da ba komai cikinsa 1,302,540. In ka tara su da na sama dole su ba ka 2,598,960 cif. Da na saka amsata ta farko, jimlar ta zarce da 123,552, nan take asirina ya tonu.

Lambobi biyun ƙarshe su suka kashe musun. Rabin duk rabon da za a yi maka fanko ne, kashi 42 cikin ɗari kuma tagwaye ɗaya ne tak. Wato sama da kashi 92 cikin ɗari ba abin a zo a gani.

Wannan lissafi yana da iyaka. Na karta biyar ne, ba joka, ba canjin karta. Irin wasan da aka yi a fim ɗin, mutum yana zaɓar biyar mafi kyau ne daga bakwai, jimlar can kuma 133,784,560 ce, don haka manyan hannaye sun fi fitowa.

Mai batun juriya bai haƙura ba. Ya ce ai in sau ɗaya ne cikin 694, wanda ya yi 693 bai samu ba, na gaba nasa ne. Abokina ya girgiza kai. "Karta ba ta riƙe bashi, ɗan'uwa. Duk cakuɗawa sabon lale ne." Ya latsa kalkuleta ya nuna masa cewa mutum zai iya karɓar rabo 694 a jere bai ga ful hawus ko ɗaya ba, kuma damar hakan kusan kashi 37 ce cikin ɗari. Mutumin ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ninke ta ya sa a aljihu.