Sauyin Fourier na Kwantam: Yadda Yake Gano Zagayen Lambobi

Sauyin Fourier hanya ce ta lissafi da ke gano abin da ke maimaita kansa a cikin jerin lambobi, da kuma tsawon kowane zagaye. Sunan ya samo asali ne daga Joseph Fourier, Bafaranshen da ya wallafa bincikensa kan yaɗuwar zafi a 1822. Nau'insa na kwantam shi ne ƙashin bayan dabarar da Peter Shor ya fitar a 1994, wadda ke gano lambobin da aka ninka aka sami wata babbar lamba. Wuyar wannan aiki ga kwamfutocin yau ita ce madogarar tsarin sirri na RSA.

Kwamfutar kwantam tana aiki ne da kubit. Kubit huɗu na iya riƙe lambobi 16, daga 0 zuwa 15, duka a lokaci guda. Kowace lamba tana da abin da za a iya kwatantawa da hannun agogo, mai tsawo da kuma inda ya fuskanta. Gwargwadon tsawon hannun, gwargwadon damar fitowar lambar idan an auna. Hannayen da suka fuskanci wuri ɗaya suna ƙarfafa juna, waɗanda suka ba juna baya kuma suna soke juna.

A ɗauki 15 a matsayin lambar da ake son warwarewa. Sai a zaɓi 7, a riƙa ninka ta da kanta, ana rabawa da 15 ana ajiye ragowar. Idan aka fara daga mataki na 0, ragowar za ta kasance 1, 7, 4, 13, sannan ta koma 1, 7, 4, 13. Tsawon zagayen 4 ke nan. A nan ido ma yana gani, amma idan lambar mai ɗaruruwan alƙaluma ce, bin jerin ɗaya bayan ɗaya ba zai ƙare ba.

Kwamfutar tana lissafa ragowar matakai 16 a tashi ɗaya, ta ajiye a wasu kubit na daban. Idan aka auna su aka ga 7, matakan da ke ba da 7 kaɗai za su saura, wato 1, 5, 9 da 13. Tazarar da ke tsakaninsu ita ake nema. Sai dai auna su kai tsaye ba shi da amfani, domin ɗaya kawai za ta fito, kuma lamba ɗaya ba ta nuna tazara.

A nan ne sauyin ke shigowa. Ga kowace amsa y, kowane mataki x yana aika hannunsa bayan an juya shi da x·y/16 na cikakken kewaye. Idan y ta zama 4, juyin zai kasance 4/16, 20/16, 36/16 da 52/16. In aka cire cikakkun kewaye, kowanne rubu'i ne, saboda haka duka huɗun sun fuskanci wuri ɗaya. Idan kuwa y ta zama 2, juyin zai kasance 1/8, 5/8, 1/8 da 5/8: biyu sun ba biyu baya, babu abin da ya rage. Haka sauran ke sokewa, sai 0, 4, 8 da 12 kawai, kowacce da damar ɗaya cikin huɗu.

Idan awo ya ba da 12, sai a rage 12/16 ta koma 3/4, lambar ƙasa ita ce tsawon zagayen. Rabin 4 shi ne 2, kuma 7 sau 7 ya ba da 49. Sai a ɗauki maƙwabtanta, 48 da 50. Babbar lambar da ke raba 48 da 15 ita ce 3, ta 50 da 15 kuwa 5. Ashe 15 ita ce 3 sau 5.

Ba kullum ake dacewa ba. Amsar 0 ba ta nuna komai. Amsar 8 tana ba da 1/2, wato zagaye 2, amma gwaji zai tona kuskuren: ragowar 49 ita ce 4, alhali 1 ake bukata. Sai a sake aikin. Haka nan idan tsawon zagayen bai raba yawan matakan daidai ba, amsoshin kan faɗo ne kusa da inda ya dace, sai a ƙara yawan kubit, a kammala da lissafin kwamfuta ta yau da kullum.

Fa'idar tana ga sauri. Kubit n na bukatar ƙananan ayyuka kimanin n², yayin da hanya mafi sauri a kwamfutar yau ke bukatar kimanin n·2ⁿ. Amma awo amsa ɗaya tak yake bayarwa, don haka sauyin ba ya maye gurbin wanda ake tace sauti da hoto da shi. A 2001 masu bincike na IBM da Jami'ar Stanford sun warware 15 da kubit bakwai. Lambobin RSA masu bit 2048 kuwa suna bukatar dubban kubit da aka tsare daga kuskure, abin da injunan yanzu ba su kai ba.