Sauya riga a hoto: hannu ne ke tona asiri

A ce mutum ya kawo hotonsa sanye da jar riga mai gajeren hannu, ya dafa ƙirji da hannun dama, ga agogo a tsintsiyar hannu. So yake a mayar masa da rigar farin kaftani saboda katin ɗaurin aure. Tun da Photoshop ya fito da Generative Fill a 2023, zana kaftanin ba wani aiki ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne hannun nan da ke kan ƙirji.

Manhajar ba ta san tuɓe riga ba. Wurin da aka shata mata kaɗai take gogewa ta sake zanawa, abin da ke wajen shatar kuma ba ruwanta da shi. A kan allo sunan shatar mask. Idan yatsu suka faɗa ciki, to an goge su ke nan, waɗanda za ta dawo da su ƙirƙira ce. Daga nan ake samun yatsa shida, ko agogon da ya narke cikin fata.

Don haka gwani da hannun yake farawa. Zai kwafe tafin hannun da agogon ya ajiye su a wani layer na daban a sama. Sannan ya shata rigar, ya bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya yana cire fata daga shatar. Yakan bar ta ta ɗan wuce bakin rigar kaɗan, in ba haka ba jan zare zai saura kewaye da farin yadi. Tunda kaftani dogon hannu gare shi, dole damtse da sangali su shiga shatar, a tsaya daidai bakin agogo. Nan ne gwiwar hannu kan goce daga inda take. Masu aiki da Stable Diffusion suna kafe ta da ControlNet, wanda ke bin zanen gaɓoɓin da OpenPose ya ciro daga hoton asali.

Wannan ma mai sauƙin ne, rufe fata ake yi. A mayar da dogon hannu gajere, shi ne jidali, domin damtsen da za a gani ba na mai hoton ba ne, kyamara ba ta taɓa ɗaukarsa ba. Ni dai nakan ce a je a sake ɗaukar hoto.

Kafin a buga kati, a zuƙo hoton a duba ƙarƙashin yatsu. Hannun da ya dafa yadi yakan lotsa shi, ya bar 'yar inuwa. Idan babu ita, sai ka ga hannun kamar an liƙa shi da gam, dole a zana ta da burushi mai laushi. A duba ƙasan haɓa kuma: jar riga kan haska ja a wuya, kuma jan yana nan ko bayan rigar ta tafi, sai an rage shi.