'Yarki ta kwana, gari ya waye kowa ya san fuskarta

Uwargida, bari in ba ki labarin wata yarinya da za mu kira Rabi, don ba sunanta ke nan ba. Shekarunta goma sha tara, tana aji na biyu a kwalejin ilimi. Ranar kamun yayarta ta zauna tana nuna yadda ake kwaɓa lalle ya kama, tana yi tana barkwanci, ƙanwarta ta ɗauka a waya suka ɗora a TikTok bayan isha'i. Niyyarsu ƙawaye su gani su yi dariya.

Da asuba wayar ta ƙi yin shiru. Masu yabo, masu zagi, masu neman lamba, har da wani da ya gane unguwarsu saboda allon wani shago da ya fito ta tagar ɗakin. Kafin azahar bidiyon ya shiga zaurukan WhatsApp na dangi, kawunta ya kira babanta rai a ɓace.

Rabi ta goge shi tana kuka. Amma gogewa ba ta dawo da abin da ya riga ya fita, domin mutane sun sauke shi a wayoyinsu, wasu sun ɗora a shafukansu. Har wani ya buɗe shafi da hotonta yana karɓar kuɗin odar lalle.

A nan ne mahaifiyarta ta burge ni. Ba ta ƙwace wayar ba, ba ta kuma tara mata jama'a ba. Ta jawo ta ɗaki ta ce, "Share hawayenki, 'yar nan, nuna mini abin da kika ɗora." Suka kalla tare. Mayafinta a jikinta, babu batsa, illa dai fuskokin 'yan matan amarya uku da ba a nemi izininsu ba. Ta sa Rabi ta kira su ɗaya bayan ɗaya ta ba su haƙuri. Ni a ganina wannan ne laifin da ya fi cancantar faɗa, kuma shi ne wanda ba a cika lura da shi ba.

Sannan suka mayar da shafin na sirri, suka rufe saƙonnin baƙi. Shafin bogin kuwa suka ɗauki hotonsa a matsayin shaida, suka kai ƙararsa ta cikin manhajar, suka sanar da dangi kada kowa ya tura kuɗi. Uwar ta kafa mata sharaɗi: sati guda babu karanta sharhi, babu mayar wa kowa martani, wayar kuma ta kwana a ɗakinta. Ita da kanta ta je ta yi wa baban bayani kafin kawu ya ƙara gishiri.

Kwana goma aka daina zancen. Bayan wata biyu Rabi ta nemi izini ta koma, aka yarda bisa cewa hannu kawai za ta riƙa nunawa, a gaban farin bango, kuma lambar yayarta ce a kan odar.